Yadda Mace Za Ta Canza Suna a Kotu Bayan Aure ko Rabuwa, Takardunta Su Zo Ɗaya

Dokar Najeriya ba ta tilasta wa mace ta ɗauki sunan miji don ta yi aure ba, kuma a Musulunci ana danganta mutum ne ga mahaifinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 5 cikin Suratul Ahzab. Don haka idan ke amarya ce kuma duk takardunki suna ɗauke da sunan mahaifinki, shawarata ki bar su yadda suke. Ba banki, ba wurin aiki, ba ofishin fasfo da zai hana ki haƙƙinki saboda ba ki sa sunan miji ba. Wannan bayani an yi shi ne musamman don wadda ta riga ta sa sunan miji a wasu takardu, aure ya ƙare, tana son komawa sunan gidansu. Wadda take son ɗaukar sunan miji ma hanyar ɗaya ce, takarda guda ce kawai ta bambanta, zan nuna wurin.

Abu ɗaya ki riƙe tun daga farko: rantsuwar kotu ba ta goge tsohon suna. Gada ce tsakanin tsohon suna da sabo, tana shaida cewa mutum ɗaya ce ke da su. Bayan an gina gadar, ke ce za ki bi hukumomi ɗaya bayan ɗaya su gyara rajistarsu.

Mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe. A ce malamar firamare ce a Daura, sunanta na yanka Khadija, ana kiranta Hadiza. Mahaifinta Malam Musa, kakanta Abdullahi. Takardar haihuwarta ta ce Khadija Musa, ta sakandare da ta kwalejin ilimi sun ce Hadiza Musa Abdullahi. Bayan ta auri Alhaji Sani Lawal ne ta yi katin ɗan ƙasa, ta buɗe asusun banki, ta samu aiki, duka da sunan Hadiza Sani Lawal. Yanzu sun rabu.

Abubuwan da za ki tanada

Ki fara da takardar da ke nuna dalilin canjin. Idan aure ne, takardar shaidar aure. Idan rabuwa ce, takardar shaidar mutuwar aure daga kotu. Sai takardar NIN ɗinki, wato lambar ɗan ƙasa, da duk wani katin shaida mai hoto, kamar katin zaɓe ko fasfo ko lasisin tuƙi. Ki haɗa da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da satifiket ɗin makaranta, da takardar ɗaukar aiki idan ke ma'aikaciya ce. Ki ɗauki sabbin hotunan fasfo kamar huɗu, iri ɗaya. Ki tabbatar layin wayar da kika yi rajistar NIN da BVN da shi yana hannunki yana aiki, domin ta nan saƙonnin tantancewa za su shigo. Idan layin na tsohon miji ne, ko yana hannunsa, wannan shi ne abin da za ki fara gyarawa a banki da ofishin katin ɗan ƙasa kafin komai.

Sai kuɗin rantsuwa, da na buga takarda, da na jarida, da na gyaran NIN. Farashin kan sauya, don haka ki tambaya a bakin magatakardar kotu, ki biya inda ake ba da rasit. A ƙarshe ki sayi fayil ɗin roba guda, kada ki riƙa naɗe takardu a cikin jakar hannu.

1. Ki tabbatar auren ya ƙare, kuma akwai takarda a hannu

Idan saki ɗaya ne ko biyu, kada ki taɓa takarda sai idda ta cika. A cikin idda miji na iya mayar da ke, kuma sau da yawa iyaye kan shiga tsakani a daidaita. Wadda ta ruga kotu da zafin zuciya a satin farko, aka yi kome a wata na biyu, ta jawo wa kanta rantsuwa biyu da jarida biyu a banza. Idda tsarki uku ce ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu.

Takardar sakin da miji ya rubuta da hannunsa a fallen littafi hujja ce a wurin alƙali, amma ma'aikacin banki ba lallai ya karɓe ta ba, don ba shi da hanyar sanin wanda ya rubuta. Ki kai ta kotun shari'ar Musulunci ta yankinku, tare da waliyyinki ko shaidu, ki nemi a tabbatar da sakin a ba ki takardar kotu mai hatimi. Idan da baki ya furta bai rubuta ba, kotu za ta kira shi ko ta saurari shaidu. Idan khul'i aka yi, hukuncin kotun shi ne hujjarki, sai ki nemi kwafinsa daga magatakarda.

Wadda aka ɗaura aurenta a rajistar gwamnati, wato auren kotu irin wanda Kiristoci da yawa ke yi, hukuncinta daban. Babbar Kotun Jiha ce ke raba irin wannan aure, kuma hukuncin farko na wucin gadi ne, yakan tabbata bayan wata uku. Takardar tabbatarwar ake jira.

Ga mai ɗaukar sunan miji, nan ne bambancin yake: takardar shaidar aure za ki kawo. Yawancin aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaurawa ba tare da takarda ba. Idan haka ne, ku je kotun shari'a ke da maigidan da shaidu a ba ku takardar shaidar aure.

2. Ki tsayar da sunan, harafi bayan harafi

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, tun kafin su taka ƙofar kotu. Ki baje takardunki a kan tabarma, ki ɗauki biro ki kwafe sunan da ke jikin kowace ɗaya daidai yadda aka rubuta shi, har da kuskuren. A wurinmu Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne, haka Aisha da A'isha da Aishatu, haka Hauwa da Hauwa'u. A wurin kwamfuta kuwa mutane daban-daban ne.

Wane za ki zaɓa? Ki bi takardar da ba a iya canza ta. Hukumomin jarrabawa irin WAEC da NECO ba sa sake buga satifiket don mace ta yi aure ko ta rabu, haka ma manyan makarantu. To tunda satifiket ba zai motsa ba, sauran takardun ne za su zo su same shi. Malama Hadiza za ta koma Hadiza Musa Abdullahi ne, ko da a ranta ta fi son Khadija, domin idan ta zaɓi Khadija Musa Abdullahi ta ƙirƙiro suna na huɗu da babu shi a kowace takarda.

Sai ki tsayar da jerin sunan. Fom ɗin banki da na NIN suna da gurabe uku: Surname, First Name da Middle Name. Mu Hausawa ba mu da sunan dangi tsayayye, sunan uba ko na kaka ko na gari muke sawa, shi ya sa ake samun mace ɗaya a banki Musa ne a gurbin farko, a katin ɗan ƙasa kuma Abdullahi. Ki duba yadda satifiket ɗinki ya jera, ki rubuta a takarda wane suna ke shiga wane gurbi, ki riƙe wannan takardar a kowane ofis. Kada ki yarda da taƙaitawa irin "Hadiza M. Abdullahi". A rubuta shi cikakke.

3. Rubuta takardar rantsuwa

Takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit, da Turanci ake buga ta. Wasu kotuna suna da fom da ake cikewa, wasu kuma masu kwamfuta na kusa da kotu ne ke bugawa. Dokar Shaida ta 2011 ta ce a rubuta cikakken sunan mai rantsuwa, da sana'arta, da inda take zaune, da ƙasarta, kuma bayanin ya zo da bakinta, a sakin layi masu lamba. Ta Malama Hadiza za ta ƙunshi cewa ita ce mai rantsuwar. Cewa a da an san ta da Hadiza Sani Lawal saboda aure. Cewa auren ya ƙare, da sunan kotun da ta tabbatar da ranar. Cewa daga yau a san ta da Hadiza Musa Abdullahi. Cewa takardun da ke ɗauke da tsohon suna suna nan da ƙarfinsu. Da kuma cewa ta yi rantsuwar da gaskiya bisa Dokar Rantsuwa.

Akwai sakin layi ɗaya da masu bugawa ba sa sawa sai an ce su sa, kuma shi ne mafi amfani: wanda zai jera duk sunayen da kika kwafo, ya ce mutum ɗaya ce. A nata za a ce Khadija Musa, da Hadiza Musa Abdullahi, da Hadiza Sani Lawal duka ita ce. Idan aka tsallake Khadija Musa, ranar da wata hukuma ta nemi takardar haihuwa sai an koma kotu.

Masu bugawa kan ɗora sabon aiki ne a kan na wanda ya gabata, su canza suna kawai. Da haka ake samun takarda ta ce mai rantsuwa namiji ne, ko ta ɗauko unguwar wani, ko sunan wata ya maƙale a sakin layi na huɗu. Ki karanta a fuskar kwamfutar kafin a buga, ki sake karantawa a takarda. In kin ga kuskure a sake bugawa, kada a goge da farin ruwa ko a gyara da biro. Kuma kada ki sa hannu a shagon.

4. Rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa

Ki je rajistar Babbar Kotun Jiha ko ta Babbar Kotun Tarayya. Malama Hadiza za ta je ta jiha a Katsina ko a Daura, ko ta tarayya da ke Katsina. Kotun majistare ma tana rantsarwa, amma ni na fi ba da shawarar babbar kotu, domin wasu hukumomin tarayya da ofisoshin jakadanci sun fi natsuwa da ita, kuma gara a yi sau ɗaya. Ki biya, ki karɓi rasit, ki shiga wurin kwamishinan rantsuwa da katin shaidarki. A gabansa za ki sa hannu ko ki dangwala yatsa, shi ma ya sa hannu da kwanan wata da hatimi.

Ke da kanki za ki je. A bakin kotu za ki tarar da masu cewa, "Hajiya, kawo in shigar miki, ki zauna a inuwa." Kada ki ba su. Haka kuma kada ki aiki ƙanenki da hotonki. Rantsuwar da mai ita ba ta halarta ba ana iya rushe ta ranar da aka fi buƙatarta, kuma wasu takardun 'yan bakin ƙofa hatimin jabu ne, babu su a rajista. Mace mai kulle ta nemi rakiyar muharraminta, aikin ba ya cin yini idan an yi sammako.

Idan ba ki karanta Turanci, ki faɗa. Doka ta tanadi cewa a karanta miki, a fassara da Hausa, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan kuma kin fahimta, mai fassarar ya sa hannu. Babu abin kunya a ciki, rashin wannan bayanin ne ma ke raunana takardar. Ki kuma sani rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da ake hukuntawa, don haka kada a rubuta aure ya mutu alhali bai mutu ba.

Kafin ki fita ki duba abu huɗu: sa hannun kwamishina, hatimin kotu, kwanan wata, da lambar rasit. Kada ki manne asalin da leda mai zafi, domin wasu ofisoshi ba sa karɓar takardar da ba za su iya taɓa hatiminta ba.

5. Yaushe ake buƙatar takardar lauya

Ga banki da katin ɗan ƙasa da wurin aiki, afidabit da jarida da takardar aure ko ta rabuwa su ne abin da aka saba nema. Amma akwai takarda mafi ƙarfi da lauya ke rubutawa, wadda za ki ga an sa mata Deed Poll a samanta. A cikinta mutum ke shelanta cewa ya bar tsohon suna ya ɗauki sabo, ya sa hannu a gaban shaidu, lauya ya manna hatiminsa, sannan a nemi buga ta a gazet, wato jaridar hukuma ta gwamnati.

Darajar wannan takarda ta fito fili a ranar 13 ga Fabrairu, 2020, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa, ana gobe za a rantsar da shi, saboda sunaye mabambanta a takardun mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo. Kotun ba ta gamsu da afidabit ɗin da ya kawo don haɗe sunayen ba, ta nuna cewa canjin suna ta wannan takardar lauya ake yinsa. Saboda haka idan kina da niyyar takara, ko karɓar babban muƙami, ko karatu da aiki a ƙasar waje, ko akwai filaye da hannun jari da sunanki, ki je wurin lauya ki yi ta, ki haɗa da afidabit ɗin. Malama Hadiza, da ke komawa sunan da ke jikin satifiket ɗinta, matsalarta da sauƙi. Wadda sabon sunanta ya saɓa wa satifiket ita ta fi buƙatar wannan.

6. Sanarwa a jarida

Ki kai kwafin afidabit ofishin jaridar da ke fita kullum a faɗin ƙasa, kamar Daily Trust ko Leadership, ko wurin wakilinsu. Sanarwar layi uku ce zuwa huɗu: tsohon suna, sabon suna, tsofaffin takardu suna nan daram, jama'a su lura. Ki rubuta sunayen da manyan baƙaƙe da hannunki, ki nemi a turo miki yadda za ta fito kafin a buga, ki tambayi ranar fitowa.

Ranar ki sa mai jarida ya ajiye miki guda uku. Ki nemo sunanki cikin jerin, ki gwada shi da afidabit harafi bayan harafi. In an yi kuskure ki koma su sake bugawa. Kada ki yanke ɗan akwatin da almakashi. Shafin gaba ɗaya ake so, wanda sunan jaridar da kwanan wata da lambar shafi ke samansa. Wajen fotokwafi ma a rage girman shafin har saman ya fito, ki zagaye sunanki da biro a kan kwafin, ki bar asalin ba rubutu. Yanzu ki yi kwafi goma na afidabit, da jarida, da takardar kotun shari'a, ki haɗa su uku-uku, ki kuma ɗauki hotonsu a waya.

7. Bin hukumomi: NIN da farko

Jerin yana da muhimmanci, domin banki da fasfo da layin waya duka suna duba NIN ne. Wadda ta fara da banki za a ce mata sunan bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba, ta koma. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, tana da shafin gyara da kai:

```
selfservicemodification.nimc.gov.ng
```

A nan za ki buɗe asusu, ki zaɓi gyaran suna, ki ɗora hoton takardunki, ki biya. Ki yi da wayarki ko ta wanda kika amince da shi a gida, ki ci gaba da shiga da wannan na'urar har a gama. In ya gagara ki je ofishinsu su nuna miki. Hoton takarda ya fito tas, kusurwa huɗu a ciki, domin hoto mai duhu na sa a ƙi amincewa. Lambarki mai alƙaluma 11 ba ta canzawa. In kin manta ta ki danna `*346#` a layin da kika yi rajista da shi. Ki jira a amince, ki buga sabuwar takarda, sannan ki wuce gaba.

Sai banki. Ki je da asali da kwafi, ki cike fom ɗin gyaran bayanai, ki ce a gyara BVN da kuma sunan asusu, domin abu biyu ne. Idan kina da banki uku, kowanne sai kin je. Bayan 'yan kwanaki ki sa wani ya shigar da lambar asusunki kamar zai turo kuɗi, ya karanto miki sunan da ya fito.

Ga ma'aikaciya, banki da wurin aiki a sati ɗaya ake yinsu, kuma a farkon wata, bayan albashi ya shigo. Malama Hadiza za ta rubuta takarda ta hannun hedimasta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta haɗa kwafi, ta riƙe nata kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan sunan banki ya canza na takardar albashi bai canza ba, albashi na iya maƙalewa, ko a ranar tantance ma'aikata a ware ta gefe. Mai asusun fansho ta je kamfanin da ke riƙe da shi, kada ta bari sai ranar ritaya.

Katin zaɓe ana gyara shi lokacin da INEC ta buɗe rajista. Fasfo kuwa sabo ake yi, bayan NIN ya gyaru. In kin biya kuɗin kujerar Hajji, ko akwai bizar Umara a hanya, ki dakata da duk wannan mataki na 7 sai kin dawo, domin sunan fasfo da na biza da na tikiti dole su zo ɗaya.

Abin da canjin bai taɓa ba

Sunan 'ya'ya yana nan na mahaifinsu. Bashi da yarjejeniya da shari'ar da ke kanki suna bin ki da sabon suna, haka ma haƙƙinki na gado da dukiya. Amma ki duba gurbin magaji a banki da fansho da wurin aiki, wanda fom ke kira Next of Kin. Mata da yawa sun gyara suna sun manta tsohon miji ne a rubuce a wurin, da lambar wayarsa.

Kada ki yaga ko ki ƙona takardun da ke da sunan tsohon miji don ɓacin rai. Takardar ɗaukar aikin Malama Hadiza za ta ci gaba da cewa Hadiza Sani Lawal har ta yi ritaya, kuma ranar lissafin haƙƙinta za a nemi ita, da afidabit, da shafin jaridar, a jere. Idan afidabit ya ɓace, lambar rasit da kwanan wata ne za su taimaka wa magatakarda ya nemo shi, don haka ki rubuta su a bangon fayil ɗin daga ciki, ki kuma ajiye kwafi ɗaya na komai a gidan mahaifinki ko wurin yayanki.